Mali da Songhai a Muƙala Ɗaya: Ki Auna Su da Mudu Ɗaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, ina karanta tarihi. An ba mu aikin kwatanta daular Mali da ta Songhai a kalmomi 1,500. Na yi karatu sosai, na rubuta shafi biyu a kan Mali, shafi biyu a kan Songhai, sannan na rufe da kamanninsu da bambancinsu. Da lakcara ya dawo mini da takardar sai na ga ya rubuta: "Wannan taƙaitawa biyu ce aka manne, ba kwatantawa ba ce." Abin ya yi mini ciwo, don na yi ƙoƙarin yi wa kowace daula adalci. Ya ba ni mako ɗaya in sake. Don Allah ta ina zan fara?

Ɗalibarku, daga Zariya

Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, karatun da kika yi bai tafi a banza ba, kusan duk abin da kika tara zai shiga sabon rubutun. Wurin zamansa ne zai canza.

Kin taɓa bin mahaifinki kara sayen ragon layya? Idan raguna biyu suka shiga ransa, ba ya tsayawa ya ƙare wa na farko kallo daga ƙaho zuwa bindi, ya ji labarin garin da aka kiwata shi, sannan ya koma kan na biyu. Yana buɗe bakin wannan ya duba haƙora, nan take ya buɗe bakin wancan. Ya taɓa gadon bayan wannan, ya taɓa na wancan. Ya tambayi kuɗin wannan, ya tambayi na wancan. Abin da yake nema ne yake ja masa gora, ragunan kuwa suna amsawa bi da bi. A rubutunki daulolin ne suka ja gora, shi ya sa aikin kwatantawar ya rage wa mai karatu. Shi ne zai riƙe abin da kika faɗa a shafi na ɗaya, ya kai shi shafi na uku, ya gwada da kansa. Lakcaranki kuwa wannan gwadawar ita ce yake ba wa maki.

Akwai gwajin da za ki yi wa kowace muƙala irin wannan. Ki ɗauka kin sa almakashi kin raba ta biyu. Idan kowane rabi zai iya tsayuwa da ƙafarsa, har a miƙa shi a matsayin amsar wata tambaya dabam, to ba a yi kwatantawa ba. Muƙalar da ta yi kwatantawa ba ta yankuwa haka, domin duk inda almakashi ya bi sai ya raba jimlar da rabinta Mali ne, rabinta Songhai.

Saboda haka ki ajiye biro tukuna, ki ɗauko farar takarda ki ja layi biyu a tsaye. Gida na farko na tambayoyi ne, na biyu na Mali, na uku na Songhai. Kalmomi 1,500 ba za su ɗauki fiye da tambayoyi uku ba. Idan kika ware kamar 150 ga gabatarwa da 150 ga kammalawa, kowace tambaya za ta sami kusan 400, abin da zai ishe ki sakin layi biyu ko uku. Na san littattafan makaranta sun saba jero asali, addini, ciniki, soja, mulki, ilimi da faɗuwa. Idan kika ce sai kin taɓa duka bakwai, kowanne zai sami 'yan layuka, ki koma gidan jiya. Ki zaɓi waɗanda suke da alaƙa da juna, yadda amsar ɗaya za ta buɗe ƙofar ta gaba. Da ni ne, zan tambaya: da me sarki yake kafa hujjar cewa shi ya cancanci sarauta? Ta yaya yake riƙe lardunan da suke nesa da fada? Kuma da rauni ya zo, ta ina daular ta fara tsagewa?

Ki lura na bar ciniki a waje, kuma da gangan ne. A nan daulolin biyu sun yi kama ƙwarai. Dukansu sun zauna tsakanin gishirin Tagaza da ke arewa cikin sahara da zinariyar da ke fitowa daga kudu, suna cin harajin abin da ke wucewa, kuma Tumbutu da Jenne da Gao sun yi wa kowaccensu amfani a lokacinta. Wannan kamannin jimla biyu sun ishe shi a gabatarwa, kuma yana yi miki aiki babba a can. Idan arzikinsu daga rijiya ɗaya yake, me ya sa ɗaya ta yi shekaru kusan 200 tana zaizayewa, ɗayar kuma ta karye bayan yaƙi ɗaya? Kin ga kin sami abin da muƙalar za ta yi gardama a kai. Muƙalar kwatantawa tana bukatar magana ɗaya da take karewa. "Suna da kamanni kuma suna da bambanci" ba magana ba ce, don haka yake ga kowane abu biyu a duniya. Amma idan kika ce Mali ta riƙe ƙasarta da sassauci, shi ya sa ta riƙa rasa gefe-gefe cibiyarta na nan, Songhai kuwa ta tattara iko a gidan sarauta ɗaya, shi ya sa rikicin gidan ya zama rikicin ƙasa duka, to kin faɗi abin da wani zai iya musawa, ke kuma ki kawo hujja.

Bari mu yi tambaya ta farko tare, don ki ga yadda ɗinkin yake. Sarakuna biyu sun yi aikin hajji da ya shahara. Mansa Musa na Mali ya tafi a 1324, ya bi ta Alƙahira, ya kashe zinariyar da har bayan shekaru mutanen Masar suna maganar yadda darajarta ta faɗi. Askiya Muhammadu na Songhai ya tashi a 1496. Ina kyautata zaton a rubutunki na farko hajjin Musa yana shafi na ɗaya, na Askiya yana shafi na uku, kowanne da adadin ayarinsa. Ga yadda za su zauna wuri ɗaya:

"Mansa Musa da Askiya Muhammadu duk sun yi hajjin da ya ɗaga sunan daularsu, amma bukatar da ta kai su ba ɗaya ba ce. Musa ɗan gidan Keita ne, gidan Sunjata wanda ya kafa daular bayan yaƙin Kirina wajen 1235, saboda haka jininsa ya riga ya ba shi hujjar sarauta a gida, abin da hajji ya ƙara masa shi ne suna a Masar da Magrib. Askiya kuwa babban jarumi ne da ya ƙwace mulki a 1493 daga hannun Sunni Baru, ɗan Sunni Ali, don haka ba shi da wannan gadon da zai jingina da shi. Shekara uku kacal bayan haka ya kama hanyar Makka, ya dawo da laƙabin Halifan ƙasar Takrur, wato ƙasashen Musulmi na Afirka ta Yamma. Abin da ya zama ado ga Musa, ga Askiya tubalin gini ne."

Duba abin da ya faru a ciki. Jimlar farko ba ta fara da labarin kowace daula ba, ta fara da hukunci a kan su biyun. Kowace shekara da aka ambata tana ɗauke da kaya: 1493 tana nan ne don a ga kusancinta da 1496, ba don a nuna an yi karatu ba. Kuma kalmomin da suka riƙe ginin ƙanana ne, "amma", "kuwa", "saboda haka", "don haka". Sai dai in gargaɗe ki a kan "kuwa" da "a ɗaya ɓangaren". Ɗalibai da yawa idan aka ce su haɗa, sai su riƙa yin jimla ɗaya ta Mali, "Songhai kuwa" jimla ɗaya, su koma Mali, su dawo, kamar masu daka biyu a turmi ɗaya. Wannan ma taƙaitawa biyu ce, an dai yayyanka ta ƙanana an shirya. Abin da yake mai da ita kwatantawa shi ne jimlar da ke biyo baya ta ce me ya jawo bambancin, ko me ya haifar. Duk sakin layin da ba ki sami "domin" ko "shi ya sa" a cikinsa ba, ki sake dubansa.

Yanzu maganar adalci, wadda na ga ita ta fi damunki, kuma na ji daɗin hakan. Adalci a wannan aiki ba ya nufin layi ashirin nan, layi ashirin can. Mai awo a kasuwa ba a ce masa ya yi adalci don buhunan biyu sun zo daidai, ana ce masa haka ne don mudun da ya auna wannan shi ya auna wancan. Duk tambayar da kika yi wa Mali ki yi wa Songhai, da tsanani iri ɗaya. Idan kin ambaci juyin mulkin Askiya, ki tuna Mali ma ta ga nata, don Sakura, wanda 'yantaccen bawan gidan sarauta ne, ya hau karagar a ƙarshen ƙarni na 13. Idan wani sakin layi ya fi karkata ga daula ɗaya saboda a can maganar ta fi nauyi, ba laifi, muddin a jimlace ba a bar ɗaya ta zama 'yar rakiya ba.

Wurin da mudun yake yawan canzawa ba a sani ba shi ne tambaya ta biyu, ta riƙon larduna, kuma a nan nake so ki daɗe. Za ki ga an rubuta cewa Songhai ta fi Mali tsarin mulki, kuma akwai gaskiya a ciki. Muna da sunayen muƙamanta: Kurmina-fari mai riƙe da yammacin daular daga Tindirma, wanda Askiya ya fara ba ɗan'uwansa Umaru, da Balama, wani babban hafsan soja, da Dendi-fari mai kula da kudu maso gabas, da Hi-koi shugaban jiragen ruwan Kwara. A Mali kuwa larduna da yawa sun ci gaba da zama a hannun sarakunansu na gado, suna kai gaisuwa da haraji ga Mansa. To amma ki tambayi kanki, wa ya ba mu labarin kowacce? Yawancin abin da aka sani game da Mali a rubuce ya fito ne daga baƙi. Al-Umari a Masar ya tattara nasa daga bakin waɗanda suka ga ayarin Musa. Ibn Batuta ya zo da kansa a 1352, zamanin Mansa Sulaimanu, ya zauna wasu watanni ya tafi. Ibn Khaldun ya samo jerin sarakunan ta hanyar tambaya. Sauran kuma yana bakin maroƙan Mande masu riƙe da tarihin Sunjata. Songhai kuwa 'yan gida ne suka rubuta ta, malaman Tumbutu irin su Abdurrahman Sa'adi mai Tarikh al-Sudan, waɗanda suka san sunan kowane muƙami da wanda ya riƙe shi. Baƙon da ya kwana uku a gari zai ba ka labarin fada da kasuwa, ɗan gari ne zai lissafa maka masu unguwanni. Saboda haka wani ɓangare na "fin tsari" da ake ba Songhai fin marubuta ne. Ibn Batuta da kansa ya tarar da wakilin Mansa, mai laƙabin Farba, yana mulki a Walata, can bakin sahara, wato Mali ma tana naɗa nata mutanen inda ciniki yake da tsoka. Songhai ita ma ta bar wa Jenne sarkinta na gado. Bambancin na yawa ne, ba na akwai da babu ba, kuma haka ya kamata ki rubuta shi.

Waɗannan malaman na Tumbutu kuma suna da nasu ra'ayin. Sunni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, shi ya ci Tumbutu da Jenne, shi ya mai da masarautar Gao daula, amma ya gallaza wa malaman Tumbutu, su kuma suka rubuta shi a matsayin azzalumi. Askiya ya girmama su, suka yabe shi. Idan kika kwashe hukuncinsu kika zuba a muƙalarki ba tare da kin faɗi daga bakin wa ya fito ba, kin ari mudun wani. Jimla ɗaya ta isa ta nuna kin san da haka, kuma irin jimlar da mai duba takarda yake tsayawa a kanta ke nan.

Akwai wani tarko kuma, na zamani. Daulolin nan ba tagwaye ba ne da suka tashi tare. Mali ta yi ƙarfinta a ƙarni na 14, Songhai a ƙarshen na 15 da cikin na 16, kuma Gao kanta ta taɓa zama ƙarƙashin Mali. Songhai ta gaji garuruwa da hanyoyi da wasu al'adun mulki daga wadda ake kwatanta ta da ita, don haka wasu kamannin gado ne, ba haɗuwar sa'a ba. Duniyar da ke kewaye da su ma ta canza. A zamanin Mansa Musa babu bindiga a fagen yaƙin yankin, babu Turawan Fotugal a bakin teku suna jan zinariya kudu, kamar yadda suka yi bayan sun gina sansaninsu na Elmina a 1482. Wanda ya ce Mali ta fi ƙarfi tunda Maroko ba ta ci ta ba, ya yi wa Songhai jarrabawar da ba a taɓa yi wa Mali ba.

Wannan ya kawo mu tambaya ta uku, inda duk abin da kika shuka a baya zai yi tsiro. Mali ta riƙa rasa gefe-gefenta ne sannu a hankali. Gao ta zame, Buzaye suka karɓi Tumbutu wajen 1433, Sunni Ali ya zo ya kwashe abin da ya rage a kwarin Kwara ta tsakiya, amma gidan Keita yana nan a ƙasar Mande, har a 1599 wani Mansa ya iya tara runduna ya kai wa Jenne hari, ko da yake bai yi nasara ba. Lardin da yake da sarkinsa na gado yana iya ɓallewa ba tare da ya ja sauran ba. A Songhai kuwa manyan muƙamai suna hannun 'ya'yan sarki da 'yan'uwansa, kowannensu da runduna, kowannensu yana ganin ya isa. Askiya Muhammadu kansa ɗansa Musa ne ya tuɓe shi bayan ya tsufa ya makance. Askiya Dawuda ya riƙe ƙasar lafiya daga 1549 zuwa 1582, amma bayansa 'ya'yansa uku suka hau cikin shekara tara, kuma a 1588 Balama Sadiƙu, shi ma ɗan gidan, ya yi tawayen da ya raba rundunar daular biyu. Shekara uku bayan haka Judar Basha ya ƙetaro sahara da sojojin Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, 'yan dubbai kaɗan amma masu bindiga, suka haɗu da rundunar Askiya Isiyaku na biyu a Tondibi a 1591, suka karya ta. Kin ga yadda amsar tambaya ta biyu ta zama dalilin amsar ta uku. Idan kin jera su haka, ba sai kin ƙirƙiro mahaɗi tsakanin sakin layi ba, maganar ce da kanta take miƙa ki gaba. Ki kuma yi wa hujjar taki adalci ta hanyar faɗin iyakarta: Askiyoyi ba su ɓace a ranar Tondibi ba, sun ja da baya zuwa Dendi, yankin da ya haɗa da kudu maso yammacin Nijar ta yau, suka ci gaba da faɗa da 'yan Maroko shekaru da dama. Abin da ya karye shi ne daular, ba gidan ba.

Wataƙila zuciyarki za ta ja ki ki sako ƙasar Hausa, tunda alaƙar tana nan da gaske. Wangarawa daga Mali sun zo Kano a zamanin Sarki Yaji, Shehu Magili ya zauna wurin Muhammadu Rumfa kafin ya je Gao ya amsa tambayoyin Askiya, Kanta na Kabi kuma ya yi wa Askiya tawaye bayan yaƙin Agadas. Ni kaina ina son waɗannan labaran ƙwarai. Amma a kalmomi 1,500 ki shigar da wanda zai yi wa hujjarki aiki kawai. Magili zai iya zama a tambaya ta farko, don yana nuna yadda Askiya ya nemi goyon bayan malamai a kan halascin mulkinsa. Sauran ki adana su, wata rana za su zama muƙalarsu.

Game da kammalawa, kada ki sake jero kamanni da bambanci, don yanzu jikin muƙalar ya riga ya yi wannan. Ki koma kan tambayar da kika buɗe da ita, ki amsa ta a fili, ki faɗi inda amsar take da ƙarfi da inda ƙarancin marubutan Mali ya sa dole a yi taka-tsantsan.

Ga yadda zan raba makon da ni ne. Kwana biyun farko na jadawalin nan ne, ki kwashe abin da ke tsohuwar takardarki ki zuba a gidajensa. Duk abin da bai sami gida ba, ko da kina sonsa, ya fita. Duk gidan da ya zauna wayam a gefe ɗaya, nan ne za ki koma laburare, ba wani wuri ba. Kwana na uku ki rubuta jimlolin farko na kowane sakin layi su kaɗai, ki karanta su a jere da babbar murya. Idan sun ba da hujjar muƙalar daga farko zuwa ƙarshe, kuma kowacce ta taɓa daulolin biyu, sai ki cika su a kwana na huɗu da na biyar. A na shida ki samo alƙalami mai launi biyu, ki ja layi ƙarƙashin Mali da ɗaya, Songhai da ɗayan, ki ɗaga takardar ki dube ta daga nesa. Inda kika ga launi ɗaya ya cinye rabin shafi shi kaɗai, nan tsohuwar muƙalar ta dawo, sai ki warware wurin ki sake ɗinka shi. Kwana na bakwai ki kai wa lakcaranki, ki haɗa da jadawalin idan zai karɓa. Allah ya ba da sa'a, 'yata.